Dusar da muke bai wa akuya, da hanjin da ya ƙi motsi

Duk wanda ya taso a gidan da ake tuƙa tuwon dawa ko na gero ya san hidimar surfe. A zuba hatsi a turmi, a yayyafa masa ruwa, a yi ta kirɓa da taɓarya har bayansa ya saki. A juye a faifai a bakace, dusa ta koma gefe guda, tsabar ta koma gefe. A wanke tsabar, a kai wa dabbobi ƙasarin. In an dawo daga niƙa kuma a sa rariya a tankaɗe, abin da ya ƙi wucewa a ware shi. Kafin tukunya ta hau murhu an yi wa ƙwayar nan fashi sau uku, kuma abin da aka ƙwace mata a kowane zagaye shi ne ainihin abin da likita yake nufi idan ya ce wa mai taurin bayan gida ya je ya riƙa cin abinci mai harza, wanda a asibiti za ka ji suna kira faiba.

Shi ya sa shawarar nan ta “ka riƙa cin gero da dawa da wake” take yawan tashi a banza. Mutum zai rantse maka kullum koko yake karyawa da shi, da ƙosai, da dare kuma tuwon dawa ne, amma sai ya kwana uku bai zaga ba, in ya je kuma sai nishi da gumi. Ba ƙarya ya yi ba. Gero ya sha, wake ya ci, dawa ya ci. Sai dai geron an tace shi, waken an wasa shi an wanke bawon, dawar an surfe ta tas. Sunan abincin ya kai cikinsa, harzar kuwa tana wurin akuya.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a san me harzar nan take yi a ciki, domin daga nan ne sauran bayanin zai zauna.

Abincin da muka ci, ƙaramin hanji ne yake narkar da shi ya tsotse amfaninsa. Abin da ya gagare shi sai ya gangara babban hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi. A kullum ruwan da ke shiga babban hanji tare da wannan saura ya kai kimanin lita ɗaya da rabi, kuma babban aikinsa shi ne ya tsotse ruwan ya mayar wa jiki. Abin da yake bari ya fita bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Bayan gida mai laushi, wajen kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. To matsalar ita ce hanji ba ya daina tsotsa. Muddin abu yana zaune a cikinsa, ruwa yake ja. Idan sauran abincin ɗan kaɗan ne, ba ya cika hanjin balle ya taɓa bangonsa ya sa shi matsawa, sai ya yi ta zama, yana zama yana bushewa, har ya koma ƙwallaye kamar kashin awaki. Harza ita ce ɓangaren tsiro da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa. Tana isa babban hanji da jikinta, ta ƙara wa kayan auki, ta riƙe ruwa, hanji ya ji nauyi ya tura da wuri kafin a bushe.

Wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ne ya fi kowa yayata wannan magana. A 1972 shi da abokan aikinsa suka fitar da awon da suka yi: mutanen karkarar Afirka masu cin hatsin da ba a sarrafa ba suna fitar da bayan gida wajen giram 400 zuwa 500 a rana, kuma abinci yana ratsa cikinsu a cikin kwana ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, alhali Bature mai cin farin burodi da sukari a Birtaniya bai cika wuce giram 100 da 'yan kai ba, kuma abincin yakan yi kwana uku a hanya. Burkitt ya ɗora wa rashin harza laifin cututtuka da yawa, har wasu suka ga ya zarce. Amma batun nauyi da laushin bayan gida, wannan ya tabbata. Abin dariyar shi ne, cimar da ya yi ta yi wa Turawa kwatance da ita, ita ce mu muka yi ta gudu daga gare ta zuwa farar shinkafa da taliya da burodi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana daga abinci. Yaro mai shekara 2 zuwa 5 giram 15, mai 6 zuwa 9 giram 21, daga 10 zuwa sama kuma daidai da babba. Wannan adadi ba ya nufin komai sai an auna shi da kwanon mutum, don haka bari mu ɗauki misali.

Mu ce tela ne, ɗan shekara arba'in, yana da shago a cikin gari. Da safe shayi da burodi a teburin mai shayi. Da rana a kawo masa shinkafa da miya daga wajen mai abinci. Da dare, saboda ba ya tashi da wuri, indomi da ƙwai. Yini yake a kan keken ɗinki, ruwa kuma sai ƙishi ya matsa masa. Burodin nan, in ya ci giram 100, bai ba shi fiye da giram biyu da rabi na harza ba. Dafaffiyar farar shinkafa, giram 100 nata bai kai rabin giram ba, don haka ko ya cinye faranti maƙil bai wuce giram ɗaya da rabi ba. Miyar tumatir da aka markaɗa ta ƙara ɗaya. Indomi wajen biyu. Ƙwai, nama, madara, mai da sukari kuwa babu ko ɗigo a cikinsu, domin harza daga tsiro kaɗai take fitowa. An tashi da giram bakwai ko takwas, ko sulusin abin da ake nema bai kai ba. Mutumin nan ya ƙoshi sarai, har tumbi yake ajiyewa, amma babban hanjinsa da yunwa yake kwana. Shi kuma abin da ya sani shi ne basir ne ya tasar masa, sai ya tsaya wajen mai lasifika a bakin kasuwa ya sayi gora ɗaya ta tsimi. Ya sha, cikinsa ya ɓarke kwana ɗaya, ya ce magani ya yi. Bayan kwana huɗu a koma gidan jiya, tunda abin da ke shiga bai canza ba.

Wake ne ya fi saurin ɗaga wannan lissafi, kuma shi ne ya fi kusa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bin ta. Dafaffen wake da bawonsa yana da harza wajen giram shida da rabi a kowane giram 100. Kofi ɗaya cike, wanda zai kai giram 170, ya ba da giram 11. Wato idan telan nan ya mayar da shinkafar ranarsa garau-garau, kuma ya ce a yi masa rabi wake rabi shinkafa maimakon 'yan ƙwayoyin da ake warwatsawa don ado, ya ninka harzar yininsa da canji ɗaya tak. Ƙosai da alale ba su kai nan ba. Ba wai babu komai a cikinsu ba, domin tsokar wake ma tana da nata rabon, amma bawon da aka murje aka tsiyaye a wanki shi ne ɓangaren da ya fi kauri, wanda ya fi yi wa hanji aiki. Ɗanwake kuma ya danganta da hannun mai kwaɓawa. Na gargajiya, mai garin wake da dawa da kuka, yana da harza sosai. Na zamani da ake cika masa fulawa, wani ma ko ƙanshin wake babu, suna kawai ya ara.

Kowa ya san abin da ke hana mutane wake: iska da kumburi. Dalilin shi ne akwai wasu nau'o'in sukari a cikinsa da ƙaramin hanjinmu ba shi da abin narkar da su, sai su isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su far musu, iska ta taso. Ba cuta ba ce, amma wanda ya yini a shago cikin mutane ba zai ji daɗin wannan bayani ba. Sukarin nan yana narkewa a ruwa, don haka jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa har ya yi luguf, yana rage abin sosai. Harzar ba ta bin ruwan jiƙon. Sannan hanji yana sabawa: wanda ya fara da rabin kofi kullum, bayan mako biyu ko uku iskar takan ragu. Wanda ya shekara bai ci ba ya tashi rana ɗaya ya cinye kwano, shi ne yake kwana yana juyi, gobe ya ce wake ba ya karɓarsa. Kanwa kuwa, ana sa ta don wake ya yi saurin nuna, amma ɗan ƙanƙani ya isa. Yawanta yana lalata wasu sinadaran bitamin, kuma gishiri ce a wani fanni, mai hawan jini ba ya buƙatar ƙari. Jiƙo yana sauƙaƙa dahuwa ba tare da wannan ba.

Mu koma kan turmi, domin a nan ne asarar ta fi yawa kuma ba a ganinta. Dawa da dusarta tana da harza wajen giram shida da rabi zuwa bakwai a giram 100. Garin da aka surfe aka tankaɗe sosai yakan sauko wajen giram biyu. Gero ya ɗan fi dawa, yana tsakanin takwas da sha ɗaya idan ba a taɓa shi ba. Surfe yakan tafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin hatsin, amma a cikin wannan ɗan kason ne yawancin harzar take. Magidancin da ya ci tuwon gari giram 150 da dare, in ba a surfa ba ya samu giram goma, in an surfa tas ya samu uku. Tuwo ɗaya, malmala ɗaya, dawa ɗaya. Koko ya fi wannan muni: an jiƙa, an niƙa, an tace da ƙyalle, an bar shi ya kwanta. Gasarar da ta rage kusan sitaci ne zalla. Abinci ne mai daɗi da sauƙi ga mara lafiya, amma kada wanda cikinsa ya ɗaure ya lissafa shi a matsayin gero.

Na taɓa yi wa wata gwaggona wannan wa'azi ina ganin na zo da ilimi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ɗan nan, kai ka taɓa tuƙa tuwon da ba a surfa ba ka kai wa maigida? Ka ajiye garin geron da dusarsa kwana biyar ka shinshina, sannan ka dawo mu yi magana.” Gaskiyarta. Iyayenmu ba don wauta suke surfe ba. Tuwon yana fin fari da laushi da danƙo. Dusar wata dawar tana da bauri. Garin gero da ba a surfa ba yana saurin yin ɗaci da warin maiƙo saboda man da ke cikin ƙwayar. Surfe da wanki kuma suna fitar da ƙasa da tsakuwa, suna rage guba irin ta fumfuna idan hatsin ya sha damshi a ajiya. Ga kuma tarihi: cin dusa a wurinmu alamar fari da yunwa ce, ba wanda yake son a ce gidansa ana ci. Har ila yau dusa tana ɗauke da wani sinadari da ke rage yadda jiki yake tsotsar ƙarfe daga abinci, abin da ya shafi yara ƙanana da masu ciki. Jiƙo da tsami irin na ƙullun da ya kwana suna rage wannan.

Saboda haka ni ban ce a jefar da turmi ba. Abin da ya fi dacewa da gida shi ne tsaka-tsaki. A zaɓi hatsi mai tsabta wanda bai yi fumfuna ba, a tsince, a wanke, a shanya. A haɗa mudu ɗaya surfaffe da mudu ɗaya wanda ba a surfa ba a kai niƙa tare, ko a yi surfen sama-sama. A niƙo na kwana uku ko huɗu kawai. A bar rariya mai ƙananan ido. Wannan na ƙarshe yana da dalili: an gwada da dusar alkama an ga cewa mai gari-gari ta fi wadda aka niƙe lilis tasiri, domin gutsattsarinta suna gogar bangon hanji su sa shi fitar da ruwa da majina. Kenan dambu da burabusko da faten tsaki, in daga hatsin da ba a surfe shi tas ba aka ɓarza su, sun fi tuwo mai santsi yi wa mai taurin ciki amfani.

A nan ne ya kamata a bambance abin da yawancin masu ba da shawara suke haɗawa wuri guda. Harza ba iri ɗaya ba ce, kuma giram ɗinta ba duka ne suke aiki ɗaya ba. Akwai mai kauri wadda ba ta narkewa a ruwa, irin ta dusa da bawon wake da jijiyar ganye. Ita ce take fita kusan yadda ta shiga, ita ce mai auki. Akwai kuma mai narkewa ta yi kauri ko yauƙi. Wannan kashi biyu ce ita ma: wadda take riƙe ruwanta har ƙarshen hanya, da wadda ƙwayoyin hanji suke cinyewa tun a farkon babban hanji. Awon da masana suka yi ya nuna giram ɗaya na harzar dusar alkama yana ƙara wa bayan gida nauyin wajen giram biyar, amma giram ɗaya na fektin, wato harzar da ke cikin tsokar 'ya'yan itatuwa, bai cika ƙara fiye da ɗaya da ɗan kai ba.

Wannan ya shafi 'ya'yan kuka kai tsaye. Farin garin da ke cikin ƙwame, wanda yara suke tsotsa ana kuma dama shi a nono, kusan rabin nauyinsa harza ne, da wuya a sami abinci a kasuwarmu da ya kama ƙafarsa a lissafi. Babban cokali ɗaya, giram goma, ya ba da giram huɗu zuwa biyar. Amma mafi yawanta fektin ne. Ƙwayoyin hanji suna cin ta su hayayyafa, wanda abu ne mai kyau, kuma su kansu ƙwayoyin babban kaso ne na bayan gida, don haka tana taimakawa. Sai dai ba ta yin turin da dusa take yi. Hasali ma a Senegal da wasu ƙasashen yammacin Afirka, jiƙon 'ya'yan kuka maganin gudawa ne a gargajiyance, saboda yana ɗaure ruwan da ya yi yawa. Yanzu da garin 'ya'yan kuka ya shiga kantunan Turai ana zuba shi a gwangwani, wasu sun fara tallarsa kamar shi kaɗai ya isa. A ganina mataimaki ne: cokali ɗaya ko biyu a cikin fura ko kunu, da ruwa wadatacce. Wanda ya dogara da shi kaɗai alhali yana kan burodi da indomi zai sami iska fiye da sauƙi. Kada kuma a rikita shi da garin ganyen kuka na miya, wanda shi ma yana da harza da yauƙi, sai dai abin da ke zuwa kwanon mutum ɗaya daga tukunyar gida cokali ɗaya ne ko ƙasa da haka.

Kuɓewa a lissafi ba ta da yawa: giram uku a giram 100 na ɗanya. Darajarta tana cikin yauƙin, wanda yake riƙe ruwa ya sa kayan su yi laushi da santsi, ga kuma 'ya'yanta da bayanta masu ɗan kauri. Abin lura shi ne adadi. Kuɓewa biyar da aka goga a tukunyar mutum goma ta yi yauƙi, amma ba ta kai komai cikin kowa ba. Giram 100 wajen kuɓewa takwas ne zuwa goma matsakaita, na mutum ɗaya. Busasshiya ba ta rasa harzarta, ruwa ne kawai ya fita, saboda haka da rani ma ba a rasa ba. Karkashi da lalo da ayoyo suna wannan layi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kuwa, tunda ganyen ne abincin ba ado ba, ya fi kowace miya kawo harza a zama ɗaya.

To mu koma wajen tela. Makon farko kada ya taɓa komai sai abincin rana: garau-garau da rabin kofin wake, ya ƙara giram biyar zuwa shida. Mako na biyu ya cika kofin, ya kuma bar indomin dare ya koma tuwon dawa rabi-surfe da miyar kuɓewa mai yawan kuɓewa. Tuwon zai ba shi wajen giram shida, miyar biyu zuwa uku. Mako na uku ya ƙara cokalin garin ƙwame a fura da la'asar. In aka tara, burodin safe biyu da rabi, rana wajen sha biyu, dare wajen tara, fura huɗu ko fiye, ya haura giram 25 bai sayi komai daga kanti ba, bai ma bar shayinsa ba. Dalilin jan abin mako uku shi ne iskar nan da aka ambata.

Ruwa dole ne ya bi. Harza soso ce, in ba ta sami ruwa ba sai ta zama toshe, musamman ga tsoho. Ruwan leda rabin lita ne, huɗu a yini shi ne ƙasan ma'auni ga mai zaman inuwa, a zafin Afrilu kuwa ko ga mai aikin rana sai an ƙara sosai. Fitsari ne alƙali: in ya yi ja-ja kamar shayi ba a sha isasshe ba, in ya yi fari-fari ya isa, kuma ɗurawa bayan haka ba ya ƙara laushin komai. Wannan ne ya sa azumi yake ɗaure wa mutane ciki: yini babu ruwa, buɗa-baki kuma soye-soye da kunun gasara da lemo. Wake ko tuwo mai dusa a sahur, da shan ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa asuba, sun fi a ɗura lita guda ana jin kiran assalatu.

Sai lokaci. Hanji yakan motsa da kansa jim kaɗan bayan an ci abinci, musamman karin safe. Wanda ya ji alamar ya danne saboda ga kwastoma a tsaye, ko saboda bayin kasuwa ba ya shiguwa, kayan suna zaune suna ƙara bushewa, kuma a hankali jiki ya daina yi masa sallama. 'Yan makarantar kwana da direbobin doguwar tafiya da matan da suke jin nauyin a ga sun shiga bayi a gidan surukai sun san wannan. Tsuguno irin namu ya fi zaman kujerar bayin zamani miƙar da hanya. Mai irin wannan bayi ya sa ɗan kututture ko kujera 'yar tsuguno ƙarƙashin ƙafafunsa.

Akwai kuma inda wake da dawa ba za su yi komai ba, ko ma su ƙara ɓata lamari. Maganin ƙarin jini da ake bai wa masu ciki a awo yana taurara bayan gida. Mai ciki ta ƙara harza da ruwa, ta kuma faɗa wa ma'aikaciyar asibiti, kada ta ajiye maganin da kanta. Tiramadol da kodin suna kashe motsin hanji kai tsaye, kuma wanda yake shan su ko buhun dusa ya cinye ba zai ga daidai ba. Wasu magungunan hawan jini da na gyambon ciki su ma suna yi, haka ciwon sukari da ya daɗe da raunin aikin halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Akwai kuma masu hanji mai saurin fushi, waɗanda wake da dusa suke ƙara musu murɗa da kumburi. Su kuɓewa da ganye masu yauƙi sukan fi karɓarsu. Jariri ɗan ƙasa da wata shida da yake nono zalla yakan yi kwanaki bai yi kashi ba, kuma in ya yi mai laushi ne, wannan ba tauri ba ne, bai kamata a ɗura masa jiƙo ko tsimi ba. Filasko da ire-irensa suna aiki ta hanyar tsokanar hanji ya matse. Sau ɗaya a matsi ba laifi, amma mayar da shi abin kullum yana jawo murɗa da zubar ruwa da gishirin jiki, kuma bai gyara dalilin ba.

Wasu alamun kuwa na asibiti ne, ba na kicin ba. Jini gauraye da bayan gida ko baƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, rama ba dalili, ko mutum ya haura arba'in da biyar tsarin zagawarsa ya canza haka kawai ya ƙi komawa: kada a ce basir ne a zauna, domin ciwon dajin hanji ma haka yake fara sallama. Idan kuma ciki ya kumbura ya yi tauri, ga ciwo, ga amai, ko tusa ba ta fita, hanji ne ya toshe ko ya murɗe. Murɗewar ƙarshen babban hanji ma ta fi yawa a Afirka fiye da Turai, musamman ga maza manya. A wannan hali kowane cokalin abinci ƙarin nauyi ne, tiyata ake magana, kuma sa'o'i suna da muhimmanci.

Ga wanda ba ya cikin waɗannan, ta yaya zai san canjin ya kama? Ba da ƙirga kwana ba. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, kuma mutane da yawa suna shan magani ne kawai don sun ɗauka wajibi ne kullum. Siffa ake dubawa. Likitocin Biristol a Ingila sun kasa bayan gida gida bakwai a wani ma'auni da aka wallafa a 1997: na ɗaya ƙwallaye masu tauri a rarrabe, na biyu dunƙule mai gurɓi-gurɓi, waɗannan su ne tauri. Na uku da na huɗu, dogo mai laushi da ke fita ba nishi cikin minti ɗaya ko biyu, su ake nema. Daga na shida ruwa ya fara yawa, sai a ɗan ja baya. Wanda yake son ya auna saurin cikinsa kuma, ya ci dafaffiyar masara rabin goyo ba tare da ya tauna sosai ba, ya riƙe lokacin, ya duba yaushe ƙwayoyin za su bayyana. Kwana ɗaya zuwa biyu daidai ne. In sun wuce kwana uku, hanyar tana da jinkiri. Telanmu ya yi wannan gwaji kafin ya fara, ya sake bayan mako huɗu. Idan masarar ta dawo daga kwana huɗu zuwa biyu kuma nishi ya ragu, ya ci gaba a haka. Idan ya cika giram 25 ɗinsa da ruwansa wata guda cur babu abin da ya motsa, matsalarsa ba ta harza ba ce, ya tattara duk magungunan da yake sha a leda ya tafi da su wurin likita.